Jan Launin Naman Gwangwani da Farashinsa

Naman sa idan ya dahu launinsa yakan koma toka-toka, amma na gwangwani da na sosej suna nan jajir ko bayan dahuwa. Sirrin yana cikin wani gishiri mai suna naitirayit, wanda ake rubuta lambarsa E250 a jikin kwali.

Babban aikinsa shi ne tsare rai. Akwai ƙwayar cuta mai suna botulinam, wadda ke bunƙasa a inda babu iska, kamar cikin sosej ko naman da aka rufe a leda. Gubarta tana shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara, kuma sau da yawa wari ba ya tona ta. Naitirayit yana hana ta tsiro. Kilishi bai dogara da shi ba, domin shanya ta riga ta ƙwace ruwan da ƙwayar ke buƙata.

Launin kuwa daga baya ya biyo. A cikin nama, naitirayit yana sakin wata iska da ke manne wa sinadarin ƙarfe na mayogulobin, wato abin da ke sa tsoka ja. Da zafi ya taɓa wannan haɗi, sai ya kafe a kan ja mai haske. Saboda haka jan irin wannan nama ba shaidar sabunta ba ne.

Adadin da ake sawa kaɗan ne ƙwarai. Gishirin da masu sana'ar ke amfani da shi a Amurka yana ɗauke da naitirayit kashi 6.25 cikin ɗari. Giram 2.5 nasa a kilo ɗaya na niƙaƙƙen nama yana ba da miligiram 156, wanda shi ne iyakar da dokar ƙasar ta yarda da ita a sosej. Ana rina gishirin ne don kada a ɗauke shi a matsayin na miya, domin yawansa yana hana jini ɗaukar iska har leɓɓa su yi shuɗi.

Damuwar ta fi yawa a wajen suya. A zafi mai tsanani, naitirayit yana haɗuwa da ɓurɓushin furotin ya haifar da naitirosamin, wanda wasu nau'o'insa ke jawo ciwon daji. A 2015, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin dajin babban hanji da kusan kashi 18 cikin ɗari. Ma'anarsa, inda da mutum 5 cikin 100 za su kamu, sai su zama wajen 6.

Cire naitirayit ba tare da wata kariya ba musanya haɗari ne da wanda ya fi shi gaggawa. Abin da ya dace shi ne masana'anta su tsaya a kan gwargwadon da ke tsare nama, su haɗa da bitamin C ko danginsa, wanda ke rage samuwar naitirosamin. A gida kuma, sosej ya zama abin marmari, kada ya zama guzurin makarantar yara na kullum, kuma a sauke shi kafin ya ƙone.