Ranar Lissafi da Ranar Kemistiri: Jadawalin da Ke Ruɗin Mai Shi

A bangon ɗakin ɗalibai da yawa masu shirin jarrabawar JAMB za ka tarar da takarda a manne, an ja mata layuka da jan biro: Litinin Lissafi, Talata Fiziks, Laraba Kemistiri, Alhamis Turanci. Iyaye na ganinta hankalinsu ya kwanta, malamai ma su yaba. Ni kuwa ina ganin wannan takarda tana cikin abubuwan da ke cutar da ɗalibi mai ƙwazo, kuma ta fi cutar da shi fiye da malalaci, domin shi ne zai bi ta sau da ƙafa.

Hujjar masu wannan tsari ba ta banza ba ce. Suna cewa hankali na buƙatar natsuwa, kuma wanda ya wuni a kan babi ɗaya zai tashi ya ƙware a kansa. Gaskiya ne, da yamma zai iya. Sai dai jarrabawar ba a yammacin ranar ake yin ta ba.

A shekarar 2007, Doug Rohrer da Kelli Taylor na Jami'ar Kudancin Florida sun koya wa ɗalibai yadda ake lissafa girman cikin siffofi huɗu. Rukuni ɗaya ya yi atisaye a jere, ya gama tambayoyin siffa ɗaya kafin ya shiga ta gaba. Ɗaya rukunin an ba shi tambayoyin nan dai, amma a gauraye. Lokacin atisaye masu bin jere sun ci kashi 89 cikin ɗari, masu gauraye kashi 60. Bayan mako guda aka yi gwaji, sai labari ya juye: masu gauraye suka ci kashi 63, masu jere suka faɗo zuwa kashi 20. Daga baya Rohrer da abokan aikinsa suka kai gwajin cikin makarantu, ajujuwa 54 da ɗalibai 787, inda aka yi jarrabawar bazata bayan wata ɗaya. Masu gauraye suka ci kashi 61, sauran kashi 38.

Dalilin ba boyayye ba ne, kuma misali ɗaya ya isa ya nuna shi. Ɗauki da'ira mai tazarar santimita 7 daga tsakiya zuwa baki. Kewayenta 2πr ne, wato santimita 44 idan aka ɗauki π a matsayin 22/7. Faɗin filinta kuwa πr² ne, wato 154. Ɗalibin da ya zauna da safe ya yi tambaya ashirin a ƙarƙashin taken "kewaye" bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa wace ƙa'ida zai ɗauka ba, domin taken shafin ya riga ya zaɓar masa. Aikinsa sauya lambobi ne kawai. Ranar jarrabawa sai a ce masa: manomi yana son ya kewaye lambunsa mai siffar da'ira da waya, mita nawa zai saya? Babu take a saman tambayar. Wadda ta gabace ta a kan kashi cikin ɗari ce, ta bayanta a kan kusurwa. A nan ne yaron da ya haddace ƙa'idojin biyu tsaf yake rubuta 154 a inda ake neman 44. Ya iya lissafin, abin da bai taɓa gwadawa ba shi ne gane irin tambayar, kuma wannan rabin aikin ne.

Abin takaicin shi ne ɗalibi ba ya jin wannan rashi a jikinsa. Tambaya ta goma sha biyar tana zuwa da sauƙi domin ta sha huɗu na nan a kansa, shi kuma sai ya ɗauki sauƙin a matsayin sani. Nate Kornell da Robert Bjork sun nuna haka a 2008 da zane-zanen masu fasaha goma sha biyu: yawancin mahalarta sun fi gane salon mai zane idan an gauraya musu hotunan, amma da aka tambaye su, yawancinsu suka ce nuna su a jere ya fi, ko kuma duk ɗaya ne. Saboda haka idan ɗalibi ya ce maka "ni na fi ganewa in na wuni a kan darasi ɗaya", da zuciya ɗaya yake faɗa, amma shaidarsa ba ta karɓuwa.

To, kada masu yayata gaurayawa su yi saurin tafi, domin su ma suna da nasu laifin. Na ga jadawalin da ke yanka dare gunduwa-gunduwa: minti ashirin Kemistiri, ashirin Turanci, ashirin Fiziks, wai da sunan bincike. Binciken bai faɗi haka ba. Ribar gaurayawa ta fi fitowa ne tsakanin abubuwan da ke kama da juna har a iya rikita su, kamar kewaye da faɗin fili. Babu wanda zai rikita nahawun Turanci da daidaita ma'aunin sinadarai. Wani nazari na 2019 da Brunmair da Richter suka yi, inda suka tattara gwaje-gwaje masu yawa, ya sami riba babba a kan hotuna, riba ƙarama a Lissafi, a koyon kalmomi kuwa bin jere ne ya fi. Haka kuma wanda yau ya fara ganin babi yana buƙatar ya zauna a kansa har ya fahimci hanyar, kafin a cakuɗa masa shi da wani.

Me ke nan ainihin aibin ware rana sukutum ga darasi ɗaya? Shi ne abin da ɗalibi ke yi da ranar. Yana gama babi ranar Litinin, ya ja masa layi, Litinin mai zuwa ya buɗe sabo. Babin farko ba zai sake ganinsa ba sai jarrabawa ta ƙarato. Almajirin tsangaya ba ya yin wannan kuskure: yana da sabon allonsa, yana kuma da tilawar abin da ya wuce, kuma ya san haddar da ba a waiwaya guduwa take yi.

Gyaran ba ya buƙatar ƙarin ko minti ɗaya. Mu ce ɗalibi yana da awa uku kowace yamma, Litinin zuwa Alhamis, da darussa huɗu. Maimakon darasi ɗaya a rana, ya ɗauki biyu, kowanne minti casa'in: Lissafi da Turanci ranar Litinin da Laraba, Fiziks da Kemistiri ranar Talata da Alhamis. Awa goma sha biyun nan dai ce, amma cikin mako goma sha biyu zai zauna da kowane darasi sau 24 maimakon 12. Yadda nake ba da shawarar a raba minti casa'in ɗin shi ne: kwata na farko littafi a rufe, ya rubuto abin da ya tuna na zaman baya, minti arba'in da biyar ga sabon babi shi kaɗai, a jere, ba gauraye, rabin awar ƙarshe kuma tambayoyi takwas ko goma daga babuka daban-daban na darasin, har da na wata guda da ya wuce. Wannan rabin awar ita ce mafi ɗaci, kuma ita ce za a fara tsallakewa in an gaji.

Wanda bai yarda ba ya gwada. Ya kwafi tambaya goma daga tsofaffin takardun jarrabawa, daga babukan da ya "gama" makonni biyu da suka wuce, kowacce a ƴar takarda ba tare da sunan babi ba, ya zuba su a hula ya riƙa zarowa. Idan ya gama, ya raba kurakuransa gida biyu: inda ya ɗauki hanyar da ta dace amma lissafi ya kuɓuce masa, da inda tun farko ya ɗauki ƙa'idar da ba ita ba, ko ya tsaya bai san ta inda zai fara ba. Kashin farko ƙarin atisaye a kan babin zai magance shi. Idan kashi na biyu ne ya fi yawa, ya cire takardar nan daga bango.