Mota ba ruwa: Lissafin da direban Yauri ya kamata ya yi kafin ya sa hannu

Duk wanda ya zauna a tashar motar Yelwa ya san labarin. Direba ya shekara goma yana tuƙa motar wani tsakanin Yauri da Kontagora, ko ta Koko zuwa Birnin Kebbi, kullum yana kai balas, burinsa ɗaya ne: ranar da zai riƙe makullin tasa. Ba ya son kuɗin ruwa, don haka da zarar an ce masa "wannan ba ruwa a ciki" sai hankalinsa ya kwanta, ya daina tambaya.

A nan ne ake yin asara. Kalmar "ba ruwa" tana amsa tambayar halacci ne, kuma tambaya ce babba. Amma ba ta faɗi nawa mutum zai biya ba. Ciniki yana iya zama halal kuma ya yi tsada, kamar yadda buhun shinkafa ke tsada a kasuwa ba tare da kowa ya ce haramun ne ba.

A ɗauki misali. Direba daga Birnin Yauri ya ga mota tokumbo ta naira miliyan 6. Adadin ribar da ke cikin misalin nan na kwatance ne, kowace cibiya da nata, amma yadda ake lissafin ɗaya ne.

Hanya ta farko ita ce bankin Musulunci. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus a 2021, kuma abin da suka fi amfani da shi wajen mota shi ne murabaha: banki ya sayi motar, ta zama tasa, sannan ya sayar wa mutum da riba sananniya, a biya a hankali. Sharaɗin mallakar nan ba ado ba ne. Idan kuɗi kawai aka miƙa wa mutum aka ce ya dawo da ƙari, to bashi ne da ruwa, ko da wane suna aka lulluɓe shi.

A ce bankin ya nemi direban ya ajiye kashi 20 cikin 100, wato miliyan 1.2. Saura miliyan 4.8. Aka ɗora ribar kashi 18 a shekara har shekara uku. Ribar ta zama naira 2,592,000, bashin duka ya zama 7,392,000, kowane wata kusan 205,000.

Kashi 18 yana da daɗin ji a kunne, musamman ga wanda ya san cewa Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Sai dai an lissafa ribar ce a kan miliyan 4.8 gaba ɗaya na tsawon shekara ukun, alhali direban yana rage bashin kowane wata. A shekara ta uku abin da ake binsa bai wuce sulusi ba, amma ribar shekarar daidai take da ta shekarar farko. Idan aka auna ta da abin da ya rage a wuyansa wata bayan wata, yadda bankunan ruwa ke auna nasu, kashi 18 ɗin nan ya kai kusan kashi 30. Ba ha'inci ba ne, tunda an faɗa masa jimillar tun farko. Amma wanda ya kwatanta 18 da 28 na wani banki ya ce ya sami rahusa, ya auna da mudu biyu ne daban-daban.

Sannan akwai abin da ba ya cikin allon talla. Banki ba zai bar motar da bai gama karɓar kuɗinta ba ta hau titi ba tare da cikakkiyar inshora ba, wadda a tsarin Musulunci ake kira takaful. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ce cikakkiyar inshorar mota kada ta gaza kashi 5 na darajar motar. A kan miliyan 6, naira 300,000 ke nan a shekara, kusan 900,000 a shekara uku. A ƙara kuɗin takardu da na'urar bin diddigin mota, a ce 108,000. Da kuɗin ajiyar farko, motar miliyan 6 ta tsaya wa direban a miliyan 9.6.

Hanya ta biyu ita ce wadda aka fi sani a tasha. Wani mai hali ya sayi motar, ya ba direba a kan miliyan 9, ya riƙa kawo dubu 100 duk mako har mako 90. Ba kuɗin ajiya, ba fom, ba zirga-zirgar banki. Kuma miliyan 9 bai kai 9.6 ba, don haka da yawa za su ce Alhaji ya fi banki sauƙi.

Bai fi ba. Ribar Alhaji miliyan 3 ce cikin wata 21 kacal, kuma kuɗinsa na dawowa hannunsa tun makon farko. Da ma'aunin da aka auna na banki, wannan ya kai kusan kashi 50 a shekara. Dubu 100 a mako kuma ya haura dubu 400 a wata, ninkin abin da banki ke karɓa, daga mota ɗaya da direba ɗaya. Sannan miliyan 9.6 na banki ya haɗa da inshorar da za ta biya idan motar ta kife ko aka sace ta. A tsarin Alhaji galibi takardar inshorar gefen titi ce kawai, wadda ba ta gyara motar mai ita.

Abin da ya fi tsada a wannan hanyar ma ba ya cikin lissafi. Sau da yawa yarjejeniyar ta baki ce, ko 'yar takarda mai layi biyar, kuma motar tana nan da sunan Alhaji. Idan injin ya buga a mako na 60, direba ya kasa kawo kuɗi na wata ɗaya, ana iya karɓe motar a ce miliyan 6 ɗin da ya biya kuɗin haya ne. Ya biya farashin mota cif, ya koma gida a ƙafa. Tambayar da ya kamata ya yi tun ranar farko, a gaban shaidu, ita ce: wannan sayarwa ce ko haya? Idan sayarwa ce, motar tasa ce, abin da ake binsa bashi ne, kuma in an sayar da ita don biyan bashin, rarar tasa ce. A rubuta hakan. Mai kuɗin da ya ƙi a rubuta ya riga ya ba da amsa.

A wannan fannin murabaha ta fi tsabta. Farashin ba ya motsi bayan an sa hannu, ko naira ta faɗi ko ta tashi. Tarar jinkiri, inda ake sa ta, ƙa'ida ita ce ta tafi ga sadaka, ba aljihun banki ba. Amma akwai gefe guda da ya kamata a sani: wanda Allah ya buɗa wa ya so ya biya duka a shekara ɗaya, ba lallai a rage masa ribar ba, domin ragin yana hannun banki ne. A tambaya kafin a shiga.

Matsalar banki ga mutumin Yauri ta daban ce. Tsarin an gina shi ne a kan mai albashi, wanda kuɗinsa ke shigowa kowane ƙarshen wata. Manomin shinkafa a Shanga ko mai albasa kuɗinsa na zuwa ne da kaka. Masunci a Wara ko sauran garuruwan bakin tafkin Kainji yana da watannin samu da na rashi. Direban da fasinjojinsa su ne waɗannan mutanen, shi ma haka aljihunsa yake. Naira 205,000 a watan da ake kwashe amfanin gona ba komai ba ne, amma a tsakiyar damina tana iya zama dutse. Wanda zai shiga, ya lissafa da watansa mafi muni.

Hanya ta uku ita ce haƙuri: adashe, ko tarawa, ko ƙungiyar taimakon kai da kai ta ma'aikata. A takarda ita ce mafi arha. Mai miliyan 1.2 da ke ajiye 205,000 duk wata zai haɗa miliyan 6 cikin kusan shekara biyu, bai ba kowa riba ba. Amma motar ba za ta tsaya jiransa ba. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8. Ko da kashi 20 kawai motar ke tashi a shekara, ranar da ya cika miliyan 6 za a ce masa ta koma 8.6. Mai kwasar farko a adashe ya ci riba, mai kwasar ƙarshe shi ya biya ta, ko da yake ba wanda ya kira ta da wannan suna. Kuma ga direba akwai wata tambayar: ina zai sami 205,000 a wata alhali motar da za ta kawo su ba ta zo ba tukuna?

Saboda haka amsar ta dogara da aikin motar. Idan ta neman kuɗi ce, kuma hanyar na kawo abin da ya haura biyan wata bayan mai da gyara, murabaha na iya biyan kanta. Idan ta kai yara makaranta ce da zuwa ɗaurin aure, ƙarin miliyan 3.6 daga albashi zai fito, kuma ƙaramar mota ta hannun ƙungiyar ma'aikata ta fi hankali.

Gida kuwa labarinsa gajere ne a wannan yankin. Bankunan na da tsarin ijara da na haɗin gwiwa mai raguwa, inda banki da mutum ke mallakar gidan tare, mutum na biyan hayar kason banki yana kuma saye shi kaɗan-kaɗan. Saɓanin murabaha, hayar nan ana iya sake duba ta, don haka jimillar da aka nuna ranar farko ba lallai ta zama ta ƙarshe ba. Kafin a kai nan ma, banki zai nemi takardar mallaka ta gwamnati, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce jinginar da irin wannan fili sai da amincewar gwamna, abin da ke cin kuɗi da watanni. Gidaje da yawa a Birnin Yauri da ƙauyukan Ngaski takardar mai unguwa ce da shaidu kawai suke da ita.

Shi ya sa mafi yawan mutane ke gini a hankali, bulo ɗari yau, kwano baɗi. Su ma suna biyan nasu kuɗin jiran: hayar gidan da suke ciki har a gama, da tashin kaya. Buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a wurare da yawa a Fabrairun 2024. Wanda ya ajiye kuɗin kaka a asusu yana jiran su cika ya wayi gari da rabin simintin da zai iya saye, shi kuwa wanda ya mayar da su bulo da rodi tun a lokacin, gininsa ya kai linta.