Wasiƙar da kake karantawa ita ma tana karanta ka

Ƴan uwa matasan Yamai, ku da ke tura takardun neman aiki dare da rana: saƙon imel nawa kuka buɗe a makon nan mai cewa wata ƙungiya na ɗaukar ma'aikata?

Ga abin da ke faruwa. Kana zaune a fada ana dafa shayi, saƙo ya shigo, ka buɗe da ƙarfe tara na dare, ka sake dubawa da asuba. Ba ka amsa ba, ba ka taɓa komai ba. Amma a cikin saƙon akwai wani ɗan hoto, ɗigo ɗaya tak, marar launi, wanda ido ba ya gani. Hoton yana ajiye ne a na'urar mai aikowa, da lambar da aka ware wa adireshinka kai kaɗai. Da ka buɗe, wayarka ta je ta ɗauko shi, zuwan nan kuwa shi ne rahoton: ya buɗe, a lokaci kaza. A wasu manhajojin har da irin wayarka da lambar IP, mai nuna garin da kake da kamfanin layinka. In ɗan damfara ne, ya gane adireshin na da rai kuma mai shi na cikin matsuwa. Gobe sai saƙon "kuɗin buɗe dosiye".

Wasu na cewa ai daidai yake da shaidar karantawa, wato accusé de lecture. Ba daidai ba ne! Ita wannan sallama take yi: Outlook kan tambaye ka ko a sanar da mai aikowa, kana iya cewa a'a. Ɗigon nan ta katanga yake shigowa. A 2021 BBC ta ruwaito binciken kamfanin Hey cewa kashi biyu cikin uku na saƙonnin da ke shiga akwatunan mutanensa na ɗauke da shi. Muna da HAPDP, hukumar kare bayanan sirri, muna da dokar 2022, amma wa ya taɓa neman izininka?

Kada kuma a ruɗe ku da cewa Gmail ya gama magana. Tun 2013 Google ke ɗauko hotunan a madadinka, don haka IP ɗinka ya ɓuya, amma lokacin da ka buɗe yana nan yana tafiya.

Maganin bai kai minti ɗaya ba. A Gmail na waya, shiga Paramètres, taɓa adireshinka, gangara zuwa Images, ka zaɓi a riƙa tambayarka kafin a nuna hotuna. Saƙonni za su zo tsirara, ba ado, megas ɗinka ma sun huta. Sai dai ka sani, ranar da ka danna Afficher les images, ɗigon ya tashi aiki. Mahaɗin da ke cikin saƙon ma yakan ɗauki lambarka, toshe hoto ba ya hana shi. In sanarwar aikin ta gaske ce, rubuta sunan ƙungiyar da hannunka ka nemo ta a shafinta.