Ƙarin Albashi da Kaya Masu Baki

Manya daga cikinmu suna tune da kuɗin Udoji. A farkon 1975 gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi, ta kuma biya su ariyas na watanni a dunƙule. Aka yi ta sayen rediyo da babura. Kafin shekarar ta ƙare tsadar kaya ta tashi fiye da kashi 30 cikin ɗari, ariyas kuwa ya ƙare. A 2024 an sake ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga naira 30,000 zuwa 70,000. To, ina ƙarin yakan shiga?

Mu ɗauki misali. A ce malami a Rabah yana karɓar naira 60,000, yana ajiye 6,000. Aka mai da albashinsa 90,000. Cikin ƙarin 30,000 ɗin nan, a ce tsadar hatsi da kuɗin mota sun cinye 12,000. Wannan ba laifinsa ba ne. Ƙarin gaskiya 18,000 ne kawai.

Sai ya sayi babur da ariyas. Man fetur da gyara suka kama 10,000 a wata, katin waya ya ƙaru da 3,000, shayi da tsire 5,000. Ba abin da za a kira almubazzaranci, amma 18,000 ta tafi. Har yanzu 6,000 yake ajiyewa. A dā kashi ɗaya cikin goma ne, yanzu ɗaya cikin goma sha biyar. Alamar ciwon ke nan: albashi ya hau, ajiya tana nan inda take.

Dalili shi ne akwai kaya masu baki. Kwanon rufi sau ɗaya ake biya, amma babur da janareto kowane wata sai sun ci. Iyali kuma in sun saba da abu, janye shi yakan kawo ɓacin rai.

Maganin shi ne a raba ƙarin tun bai shigo hannu ba. Maigida da uwargida su zauna su fid da abin da tsada ta ci, sa'an nan su raba sauran biyu. Da malamin nan ya zuba 9,000 a adashi ran da aka yi albashi, da ya tara 108,000 a shekara. Abu mai baki kuwa, a dakata wata uku, a lissafta cinsa tukuna. In an kwashi adashi kada a bar kuɗin a kwance, gama tsada tana rage ƙarfinsu. A sayi gero da kaka, ko tunkiya.

'Yan'uwanmu masu noman rani a Wurno da Goronyo, ku ma da ku muke. Ribar albasa ta shekara guda kamar ariyas take, ba albashi ba ce. Ku ware kuɗin iri da taki da man injin ban-ruwa na baɗi kafin ku taɓa sauran.