Raddi ga Mai Cewa Gogayya Ce ke Cinye Saurin Silinda a Gangare

Wata 'yar takarda ta shiga hannun ɗaliban da ke shirin jarrabawar bakaloriya a nan N'Djamena, wadda wani malami, Allah ya saka masa da alheri a kan niyyarsa, ya rubuta game da dunƙulalliyar silinda mai mirginowa daga gangare ba tare da zamewa ba; to da yake na ga yara sun fara haddace abin da ke cikinta, kuma kuskure idan ya shiga hadda wuyar fita gare shi, sai na ga ya wajaba in bi da'awoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Garinmu shimfiɗaɗɗe ne a bakin Shari, ba mu da tuddai, amma duk wanda ya tsaya inda ake sauke kayan da suka ƙetaro gadar Ngeli daga Kusiri ya ga katakon da ake jinginawa a bayan babbar mota ana gangaro da durum, kuma wannan katako ya ishe mu hujja.

Da'awarsa ta farko ita ce, tun da Galileo ya tabbatar a littafinsa na 1638 cewa nauyi ba ya canza saurin faɗuwa, to ƙaruwar saurin duk abin da ke sauka gangare ita ce a = g sinθ. Na ce, malam, wannan ƙiyasi ne da ya rasa sharaɗinsa, domin hukuncin nan na abin da ke sulɓi ne a kan santsi ba ya juyawa, alhali mai mirgina aiki biyu yake yi a lokaci guda, yana tafiya gaba kuma yana kewaya tsakiyarsa. Ƙarfi biyu ke aiki a kansa a tsawon katakon: rabon nauyinsa mai jansa ƙasa, Mg sinθ, da gogayyar katako, f, wadda ke riƙe gindinsa tana fuskantar sama. Nauyin a tsakiya yake aiki, saboda haka ba ya iya juya silindar. Gogayya kaɗai ke da wannan iko, don ita ce ke kama ta a gefe, nisan R daga tsakiya. Abin da ke tsayayya da juyin kuwa shi ne nauyin juyi, wanda Euler ya shimfiɗa bayaninsa a 1765, ana rubuta shi da harafin J a littattafan makarantunmu, kuma ga dunƙulalliyar silinda J = ½MR². Sharaɗin rashin zamewa shi ne ya ɗaure tafiya da juyi, wato a = Rα. Ga yadda lissafin ke fita:

```
Mg sinθ − f = Ma
fR = Jα = ½MR²(a/R)  →  f = ½Ma
a = (2/3) g sinθ
```

Sulusi biyu ke nan na abin da malam ya faɗa. Mu ɗauki katako mai tsawon mita 3, a ɗaga kansa santimita 30, sai sinθ ya zama 0.1, a ɗora guntun ƙarfe mulmulalle mai kaurin santimita 10 da nauyin kilo 6. Bisa ƙaulin malam a = 0.98, ƙarfen zai iso ƙasa cikin daƙiƙa 2.5; bisa lissafin da ya gabata a = 0.65, zai iso cikin daƙiƙa 3.0. Rabin daƙiƙa bambanci ne da agogon waya ke iya kamawa, in an maimaita gwajin an ɗauki matsakaici.

Da'awa ta biyu ita ce mafi haɗari, domin tana da kamar gaskiya. Malam ya yarda cewa gwaji na nuna jinkiri, amma ya ce illarsa ita ce gogayya ta cinye kuzarin ta mai da shi zafi. Na ce, gogayya ba ta haifar da zafi sai fuska ta goge fuska, kuma a mirginawa marar zamewa wurin da ke taɓa katako a tsaye yake cik a wannan ƙiftawar ido, ya sauka ya ɗaga bai ja jiki ba, kamar tafin ƙafar mai tafiya a busasshiyar ƙasa, wanda jikinsa ke gaba amma tafin da ya taka bai gusa ba. Idan kuwa ana son burhani na adadi, to a ƙidaya kuzarin. Ƙarfenmu ya sauko santimita 30, ya saki Mgh, wato jul 17.64. Saurinsa a ƙasa mita 1.98 ne a daƙiƙa, kuzarin tafiyarsa ½Mv² ya kama jul 11.76, kuzarin juyinsa ½Jω², wanda yake daidai da ¼Mv², ya kama jul 5.88. A haɗa su, 17.64 cif, babu ragowar da za a ce ta tafi zafi. Sulusin da malam ke nema bai ɓace ba, yana nan cikin juyin ƙarfen, kuma wanda ya taɓa tare abu mai nauyi yana mirginowa ya ji wannan sulusi a hannunsa. Adalci ne dai in ce akwai 'yar asara ta haƙiƙa idan katakon yana lotsawa ko an mirgina a kan rairayi, amma wannan wata mas'ala ce dabam, kuma tsakanin ƙarfe da katako mai tauri ƙarama ce ƙwarai.

Ta uku, cewa babbar silinda ko mai nauyi za ta riga ƙarama, ba ta bukatar dogon jawabi: M da R duk sun share juna a lissafin. Abin da ke hukunci shi ne inda nauyin ya taru. Guntun bututu mai siririn bango, wanda dukan nauyinsa ke gefe, J = MR², yana samun rabin g sinθ kawai, sai ya ɗauki daƙiƙa 3.5 a katakonmu ko da ya fi ƙarfen nauyi. A nan nake gargaɗin ɗalibai kada su yi gwajin da durum mai ruwa ko kananzir a ciki, domin ruwan ba ya juyawa tare da bangon sai kaɗan, durum ɗin yakan riga dunƙulallen ƙarfe isowa, sai mai gwaji ya zaci ƙa'idar ce ta rushe.

Sai ta ƙarshe, inda ya ce gwargwadon kaushin katako gwargwadon jinkirin silinda. Wannan ma shubuha ce da ta samo asali daga rubuta f = μN a inda bai halatta ba. Gogayyar da ba a zame ba tana bayar da abin da aka nema ne kawai, kuma abin da ake nema a nan shi ne f = ⅓Mg sinθ, wato niyutan 1.96 ga ƙarfenmu, ko katakon na da kaushi ko an kankare shi. Amfanin μ shi ne ya nuna iyaka: mirginawa na inganta matuƙar μ bai gaza ⅓tanθ ba. Katakonmu yana bukatar 0.034 kacal; katako mai μ = 0.3 kuwa zai riƙe silinda har karkata ta kai wajen digiri 42, bayan nan sai ta fara zamewa tana juyi, sulusi biyun ya faɗi, kuma a lokacin ne maganar malam ta zafi za ta zama gaskiya.

Gane zamewa abu ne mai sauƙi. A ja layin alli a fuskar ƙarfen daga tsakiya zuwa gefe, a ƙidaya juyinsa: kewayensa santimita 31.4 ne, saboda haka a mita 3 dole ya juya sau tara da rabi. Idan ya iso ƙasa da juyi takwas ko bakwai, to ya zame, kuma sai a rage karkatar katakon kafin a gwada lissafin da agogo.