Tawadar jarida a jikin tsiren Agege

Da zarar an idar da sallar Magariba a Zangon Agege, hayaƙin masu tsire ne ke fara karɓar baƙo, daga bakin layin dogo har zuwa Pen Cinema. Mai saye ya nuna tsinke huɗu, mai tsire ya mayar da su kan wuta, ya zare naman, ya yayyanka, ya yayyafa man gyaɗa, ya barbaɗa yaji, ya ɗora albasa da tumatir. Daga nan sai ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya yago tsohuwar jarida, ya naɗe, ya jefa a baƙar leda. Idan mai sayen ya tsaya hira, sai a ajiye ƙunshin a gefen garwashi don kada ya huce. An wanke naman, an gasa shi sosai, amma abu na ƙarshe da ya taɓa shi kafin bakin mai ci shi ne takardar da ba a yi ta domin abinci ba.

Asalin matsalar yana cikin yadda ake buga jarida. Tawadar da aka saba amfani da ita haɗi ne na launi, wanda baƙinsa garin kabon ne mai kama da kunkunniya, da danƙo mai riƙe shi, da mai da ke ɗauke da su, wanda galibi daga ɗanyen man fetur ake tace shi. Injin buga jarida ba ya busar da wannan tawada da zafi. Takardar ce kawai ke tsotse man. Shi ya sa wanda ya karanta jaridar safe yake ganin yatsunsa sun yi baƙi. Tawadar da busasshen yatsa ke iya gogewa, ina ga nama mai tiriri da maiƙo?

Abubuwa uku ne ke ƙayyade yawan abin da zai ratsa cikin abinci: maiƙo, da zafi, da tsawon lokaci. Mai yana narkar da ɗan'uwansa mai, don haka man gyaɗan tsire yana jawo man tawadar zuwa jikinsa. Zafi yana hanzarta aikin. Lokaci kuma, a Legas, shi ne ba a rasawa. Magidancin da ya sayi tsire a Agege da ƙarfe bakwai, ya hau mota zuwa Mile 12, ya faɗa cunkoso, ba mamaki sai bayan awa ɗaya da rabi zai buɗe ƙunshin. Duk tsawon wannan tafiya tiririn yana kulle a leda, ya jiƙa takardar, ta manne da naman. Idan ya warware, zai tarar takardar ta yi shara-shara saboda mai, rubutun ya dushe a inda nama ya kwanta, albasar ta yi toka-toka. Rubutun da ya dushe bai ɓace ba, wuri ya sauya. A jikin masa ma abin ya fi fitowa fili, domin wani lokaci har haruffa ake gani a juye a farin gefenta. Sai dai rashin ganin tabo ba shaidar tsira ba ce, tunda man da ke cikin tawadar ba shi da launin da ido zai kama.

Ya kamata a faɗi girman haɗarin yadda yake, ba tare da zuzutawa ba. Babu wanda zai ci ƙosai a jarida yau ya kwanta asibiti gobe saboda tawada. Abin da masana ke dubawa shi ne taruwar kaɗan-kaɗan. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi nazarin irin wannan mai a 2012, ta sake dubawa a 2023. Ta nuna cewa wani kaso nasa yana taruwa a hanta da kitsen jiki, ko da yake ba ta ga abin tayar da hankali ba a gwargwadon da mutanen can ke ci; wani kason kuma yana ƙunshe da sinadaran da za su iya lalata ƙwayoyin halitta su jawo cutar daji, kuma a kansa ne damuwarta take. Abin lura, tun wajen 2010 masu bincike a Zurich suka gano wannan mai a busasshen abinci irin su shinkafa da aka zuba a kwalin da aka sarrafa daga tsofaffin jaridu. Can babu wuta, babu man gyaɗa, amma ya ratsa. Mai tsiren Agege kuwa ya haɗa masa duka biyun.

Ba jarida kaɗai ba ce a ƙarƙashin teburin. Akwai takardun ofis da aka yi wa fotokwafi, waɗanda rubutunsu garin roba ne da aka narkar da zafi aka manna, akwai takardun jarrabawa, akwai takardar buhun siminti da wasu ke naɗe kilishi da ita. Babu mai iya cewa ga hannu nawa suka ratsa, ko ɓera da kyankyaso nawa suka bi ta kansu a ɗakin ajiya kafin a sayar da su a kilo. Kuma ga wanda ya taso da tarbiyyar ɗauke duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah daga ƙasa, akwai abin kunya a ga shafin wa'azin Juma'a ya jiƙe da maiƙo yana yawo a kwata.

Indiya, ƙasar da cin abincin bakin titi ya yi kama da na Legas, ta ɗauki mataki: hukumarta ta FSSAI ta yi gargaɗi a Disambar 2016, sannan dokar marufin abinci ta 2018 ta haramta naɗe abinci a jarida. A 2023 sai da shugaban hukumar ya sake fitowa yana roƙon 'yan kasuwa su daina, abin da ke nuna cewa doka a takarda ba ta isa ta raba talaka da abu mai arha ba.

Wannan darasi ya shafi Legas kai tsaye. A Janairun 2024 gwamnatin jihar ta haramta farar robar zuba abinci da ake yarwa bayan an ci, saboda toshe magudanan ruwa. Matakin yana da hujja, amma mai ƙosai da aka raba da robar ba za ta tashi daga kaskonta ba; abin da ya fi kusa da hannunta za ta ɗauka, wato tsohuwar takarda. Wanda ya hana wani abu, wajibinsa ne ya nuna madadinsa.

Madadin kuwa yana nan. Wasu masu tsire sun riga sun koma shimfiɗa takardar alminiyam a ciki, jarida a waje, kuma wannan ya toshe hanyar, muddin alminiyam ɗin ya rufe naman gaba ɗaya bai yage ba. Ganyen ayaba da ganyen da maƙwabta Yarabawa ke naɗe alala da shi suna cike da kasuwar Agege. Farar takardar da aka yi musamman don abinci, wadda maiƙo ba ya ratsawa, ana sayar da ita a dami. Ita ce ake nufi, ba kowace takarda marar rubutu ba, domin wadda aka sarrafa daga tsofaffin jaridu tana iya ɗauke da ragowar man. Mai sayen ƙosan safe a ƙofar gida ba ya ma buƙatar ko ɗaya, kwanonsa ya wadatar.

Kuɗin marufin ne zai hana ɗan kasuwa ɗaya ya fara shi kaɗai alhali maƙwabcinsa na amfani da na banza. Nan ne ƙungiyoyin mahauta da masu tsire da fadar Sarkin Hausawan Agege suka fi duba-gari tasiri: su yanke shawara tare, su sayi takardar a sari, su tsayar da ranar da kowa zai daina. Ita kuma NAFDAC, aikinta ne ta fitar da ƙa'ida bayyananna, ta fassara ta da Hausa da Yarabanci, ta kai ta har bakin tukubar.