Ba kod ɗinka ba ne, ƙofa aka rufe: ku daina ba mutane shawarar kashe fayawol

1/ Jama'a yau sai na fitar da abin da ke raina. Duk sanda wani ya ce manhajarsa ta daina aika imel bayan ya ɗora ta a sabar haya, sai ka ga gwanayen guruf sun fito: "canja faswod", "kashe fayawol", "sake ɗora komai". Wallahi yawancinsu ko saƙon kuskuren ba su nemi gani ba. Ku biyo ni.

2/ A hutun da ya wuce ina gida Kademi, yayyenmu masu haɗa gudunmawa don biya wa ɗalibai kuɗin rajistar JAMB suka ce in yi musu fom na intanet. Yaro daga yankin Gaya ko Ajingi zai cika, a aika masa lamba ta imel ya tabbatar, sannan sunansa ya shiga jeri. Da Django na yi. A laftof ɗina komai lafiya lau.

3/ Na ɗora a saba ranar Alhamis da dare, aka watsa adireshin bayan Juma'a. Kafin la'asar waya ta dame ni. Mutum ya danna maɓallin aikawa, shafi ya yi ta juyawa kamar daƙiƙa 30, sai ya ga `502 Bad Gateway`. In ya sake gwadawa a ce masa an riga an yi rajista da wannan imel ɗin. Lamba kuma ba ta zo ba.

4/ Ku tuna su waye waɗannan. Wani aron waya ya yi, wani datar naira ɗari biyu ya saka don wannan fom kaɗai. Ga shi ranar Litinin za a rufe karɓar suna. Wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce: "Ɗana, an ce kai ne mai na'urar, me yaron nan ya yi aka ƙi karɓarsa?" Ban da amsa.

5/ Na kai kuka guruf. Na farko ya ce Gmail ce ta ƙi faswod ɗina. Na biyu ya ce in buga `ufw allow 587`. Na uku ya ce in kashe fayawol gaba ɗaya "a gani". Duk na bi, har da kashewar, Allah Ya yafe min. Kwana guda cur ya tafi a banza, saba tana zaune tsirara.

6/ Ga abin da ya kamata su ce in fara yi. Ko minti ɗaya bai kai ba. Ka shiga sabar, ka buga:

```
nc -vz -w 5 smtp.gmail.com 587
nc -vz -w 5 smtp.gmail.com 465
nc -vz -w 5 google.com 443
```

A wurina biyun farko `timed out`, na uku `succeeded`. Magana ta ƙare.

7/ Fassara: kowace hidima a intanet da lambar ƙofarta. Shafukan da muke buɗewa ta 443 suke bi. Imel kuma 25 ce tsakanin saba da saba, sai 465 da 587 don manhajar da za ta miƙa saƙo da suna da faswod. In 443 ta wuce amma sauran shiru, intanet ɗinka ƙalau yake, hanyar imel kawai aka toshe.

8/ Shi ya sa shawarar faswod shirme ce a nan. In faswod ne matsalar, Gmail za ta amsa maka nan take da kuskure mai lamba `535`. Wato ka isa bakin ƙofa, maigadi ya ce bai san ka ba. Shi kuwa `timed out` ko unguwar ba ka shiga ba. Wanda bai ji sallamarka ba ta yaya zai ƙi faswod ɗinka?

9/ Shi ma `ufw allow 587` masu shigowa yake buɗe wa ƙofa, alhali kai fita kake son yi. Buga `ufw status verbose`, galibi za ka ga `allow (outgoing)` tun asali. Shingen ba a cikin sabarka yake ba, yana kan hanyar kamfanin da ya ba ka haya. Ko ka cire ƙyauren ɗakinka, ƙofar gari tana kulle.

10/ To ina `502` ɗin ya fito? Django ya adana sunan yaro, sannan ya tsaya jiran Gmail. `EMAIL_TIMEOUT` ba shi da iyaka in ba kai ka saka ba. Gunicorn kuma daƙiƙa 30 yake haƙuri, sai ya kashe aikin ya rubuta `WORKER TIMEOUT`. Suna ya shiga, saƙo bai fita ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

11/ Na san masu cewa "kamfanonin nan don mu 'yan Najeriya ne suke mana haka". A'a malam. A rubuce yake a takardunsu, kuma kan kowa ne. Google Cloud da AWS sun taƙaita fita ta 25 tun daga farko. Hetzner na rufe 25 da 465 ga sabon asusu, ya bar 587. DigitalOcean ya ce ukun duka a rufe suke.

12/ Kuma suna da hujja. Ɗan damfara zai kama saba mai arha, ya watsa saƙon ƙarya dubbai cikin dare ɗaya, ya gudu. Masu sa ido irin su Spamhaus su saka adireshin a baƙin jeri, wani lokacin har da maƙwabtansa. Wanda ya gaji adireshin gobe shi zai kwashi kashin da bai yi ba.

13/ Inda nake ganin suna da sauran gyara: 587 sai da faswod ake wucewa, rufe ta ya yi tsauri. Kuma kamata ya yi a faɗa wa mutum da manyan baƙi lokacin da yake biyan kuɗi. Amma wannan bai wanke mai koyarwa a YouTube da ya gwada a laftof kaɗai ya ce "shi ke nan an gama" ba.

14/ Yadda na fita: na bar SMTP gaba ɗaya. Kamfanonin aika imel irin su Amazon SES, Mailgun, Brevo da Postmark suna karɓar saƙo ta API, wato ta ƙofar 443 da ba wanda zai rufe. A Django, `django-anymail` ka saka, ka canja `EMAIL_BACKEND`, ka ba shi mabuɗinka. `send_mail()` ɗinka ko taɓa shi ba za ka yi ba.

15/ In manhajarka ba ta jin komai sai SMTP, wasu daga cikinsu suna saurare a 2525. Gwada da `nc` kafin ka yi murna. Kana iya roƙon kamfanin sabar ya buɗe maka, amma yana iya ɗaukar kwanaki, yana kuma iya cewa a'a. Mai wa'adin Litinin ba ya jiran wannan.

16/ Saura ƙiris. Saƙo ya fita ba ya nufin ya isa. Tun Fabrairun 2024 Gmail ke buƙatar duk mai aiko mata ya kasance da SPF ko DKIM. Kamfanin aikawar zai ba ka layuka biyu ko uku ka kwafa cikin DNS na adireshinka. Ka tsallake wannan, saƙonka ya faɗa kwandon shara ko a dawo da shi.

17/ Sai na saka `EMAIL_TIMEOUT = 10`, na ƙara maɓallin sake aiko da lamba, na bi waɗanda suka maƙale ɗaya bayan ɗaya na aika musu. Daren Lahadi aka gama. Mutum biyu sai da na kira ta wayar 'yan uwansu, don sun riga sun fid da rai.

18/ Roƙona ga gwanayen guruf: kafin ka ba da magani, ka ce a turo maka saƙon kuskuren da sakamakon `nc`. In ba ka sani ba, "ban sani ba" ba zagi ba ne. Wanda kuma ya kashe fayawol ɗinsa don an ce ya gwada, don Allah ajiye wayar nan ka je ka buga `ufw enable` yanzu, amma ka fara da `ufw allow OpenSSH` kar ka kulle kanka a waje.